Awa Ɗaya Ko Wata Guda: Wanne Ya Fi Ɓata Lissafi?

A ɗauki wani gidan mai a Kano wanda ba ya rufewa dare da rana. Duk cinikin da aka biya da kati yana shiga littafi biyu. Na farko manhajar gidan man ce, wadda ke rubuta lokaci da agogon bangon ofis, kamar haka: `01/03/2024 00:20`. Na biyu fayil ne da kamfanin da ke karɓar kuɗin yake turowa a ƙarshen wata, kuma uwar garken kamfanin tana aiki ne da agogon UTC, don haka wannan ciniki ɗaya ya fito a wurinta a `2024-02-29 23:20`. Mota ɗaya ce, mai ɗaya aka zuba mata, amma a littafin farko cinikin Maris ne, a na biyu kuma na Fabrairu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Matsalar tana tasowa ne lokacin da akanta ya jera littattafan biyu gefe da gefe, ya ɗauka harshe ɗaya suke yi.

Abubuwa biyu ne ke haddasa irin wannan saɓani, kuma mutane kan haɗa su a kwando ɗaya su ce "matsalar kwanan wata". Ɗaya shi ne bambancin agogo tsakanin ƙasashe, ɗayan kuma bambancin yadda ake jera rana da wata a rubuce. Ni a ganina ba su zama ɗaya ba, ko wajen girman ɓarna ko wajen sauƙin ganewa, kuma wanda ya fi kama da ƙarami shi ne ya fi cutarwa.

Bari in fara da na rubutu, tunda shi ne mai hayaniya. A Najeriya da Nijar da Ghana, kamar a Birtaniya da Faransa, rana ake fara rubutawa, sannan wata: `03/04/2024` na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka wata ne a gaba, don haka waɗannan lambobi na nufin 4 ga Maris. Tsakanin fahimtar biyu akwai kwana 30. Idan kuma `01/12/2024` ne, ɗaya ya ce 1 ga Disamba, ɗaya ya ce 12 ga Janairu, tazarar ta kai kwana 324. Wannan ba ƙaramin tsalle ba ne.

Inda abin ya fi faruwa a ofisoshinmu shi ne wajen buɗe fayil ɗin CSV da Excel. Fayil ɗin CSV zallar rubutu ne, ba ya ɗauke da bayanin wane tsari aka bi wajen rubuta kwanan wata. Excel kuwa ba ya tambaya. Yana duba saitin yankin da ke kan kwamfutar ne ya yanke hukunci. Kwamfutoci da yawa da ake saya a kasuwa saitin Amurka ne a kansu, kuma mai ita bai taɓa leƙa wurin ba. Sai Excel ya ga `05/03/2024`, ya karanta shi 3 ga Mayu, ya mayar da shi lamba ya ajiye. Da ya iso `13/03/2024` sai ya cije, domin babu wata na 13, sai ya bar shi a matsayin rubutu kawai. Sakamakon shi ne layi ɗaya mai jinsi biyu: daga 1 zuwa 12 ga wata an juya su an mayar da su wasu ranaku, daga 13 zuwa ƙarshen wata kuma ba kwanan wata ba ne sam a wurin manhajar, haruffa ne.

Wannan rabuwa ita ce alherin da ke cikin sharrin. Excel kan jingina lamba a dama, rubutu a hagu, don haka ido kaɗai ya isa ya ga layin ya karkace daga ranar 13. Wanda ke son tabbaci sai ya sa `=ISNUMBER(A2)` a gefe ya ja ƙasa. Idan amsar ta riƙa sauyawa tsakanin `TRUE` da `FALSE` daidai kan iyakar 12 da 13, an kama ɓarawo. A lissafi, ranakun da rana da wata duk ba su wuce 12 ba guda 144 ne a shekara. A cikinsu 12 ba sa sauyawa ko an juya su, irin su 1 ga Janairu da 5 ga Mayu. Saura 132 ke nan da za su iya rikiɗewa shiru. Sauran ranakun shekara, fiye da rabi, idan aka karanta su da tsarin da ba nasu ba, manhaja kan ƙi karɓa ko ta yi ƙorafi. Kuskuren da ke tona kansa kafin tsakiyar kowane wata ba ya daɗewa a ɓoye, sai fa idan fayil ɗin na makon farko ne kawai, ko kuma wani mai shirya manhaja ya rubuta mata cewa in tsari ɗaya ya ƙi, ta gwada ɗayan ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Wannan "taimako" shi ne mafi munin abin da za a yi wa bayanai, domin yana kashe ƙarar da ya kamata a ji.

Gyaransa ma ba wuya, muddin fayil na asali yana nan. Kada a buɗe shi da danna sau biyu. A shigo da shi ta `Data`, a faɗa wa Excel tsarin da aka bi, ko a yi amfani da `Text to Columns` a zaɓi `DMY` tun layin yana rubutu. Fayil ɗaya daga tushe ɗaya tsari ɗaya yake bi daga sama har ƙasa, don haka da zarar an ga rana guda mai lamba sama da 12, an san tsarin sauran duka.

Akwai wani ɗan'uwan wannan kuskure da ya cancanci a ambata a taƙaice: kwatanta kwanan wata alhali yana rubutu. Idan manhaja ta kwatanta `30/01/2024` da `01/02/2024` harafi bayan harafi, za ta ga 3 ya fi 0, ta ce 30 ga Janairu ya zo bayan 1 ga Fabrairu. Shi ma da an jera bayanai an duba, idon mutum zai ga watanni sun cakuɗe.

To, a koma ga awa ɗayan nan. Mai sauraron rediyo ya saba jin ana faɗin lokaci sau biyu, agogon Najeriya da Nijar, sannan agogon GMT da Ghana, kuma ya san na farko yana gaban na biyu da awa ɗaya. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna kan UTC+1, Ghana tana kan UTC daidai, Sudan tana kan UTC+2, Saudiyya kuma UTC+3. Mai gabatar da shiri yana faɗin wane agogo yake nufi. Yawancin littattafan kwamfuta ba sa faɗa. Suna rubuta `23:20` su yi shiru, kuma `23:20` lokaci ne ingantacce a kowace ƙasa. Babu wata awa ta 13 da za ta sa manhaja ta cije, kamar yadda wata na 13 ke yi. Nan ne bambancin farko: kuskuren rubutu yana haifar da abin da ba zai yiwu ba, kuskuren agogo kuwa kullum yana haifar da abin da zai yiwu.

Dubi yadda yake bayyana a jimillar ciniki ta rana a gidan man namu. Ranar 1 ga Maris a littafin gida tana farawa daga 00:00 agogon Kano. A littafin kamfani kuwa, ranar tana farawa ne daga 00:00 UTC, wato ƙarfe 1 na dare a Kano. Don haka cinikin da aka yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe 1 ya faɗa jiya a wurinsu, sannan cinikin irin wannan awa na daren 2 ga Maris ya shigo cikin 1 ga Maris. A ce a awar farko ta 1 ga Maris an yi cinikin naira 180,000, a awar farko ta 2 ga Maris kuma naira 150,000. Littafin kamfani zai rasa 180,000 ya samu 150,000. Giɓin da akanta zai gani naira 30,000 ne kacal. Gobe idan dare ya yi kasuwa, sai a ga rara. Jibi a sake ganin giɓi. A ƙarshen wata duka sun kusan cinye juna, sai ɗan abin da ya rage a bakin wata.

Wannan siffa, ƙaramin giɓi yau, ƙaramar rara gobe, ba ta kama da matsalar kwamfuta. Ta fi kama da hannun mutum a cikin aljihun tebur. Manaja ba zai kira mai gyaran manhaja ba, zai kira yaron da ke aikin dare. A shagon da ke rufewa da ƙarfe tara kuwa, abin yana iya kwanciya wata goma sha ɗaya babu wanda ya sani, sai azumi ya zo, kasuwa ta kai tsakar dare a goman ƙarshe, lissafi ya fara ƙin daidaita a daidai lokacin da kuɗi ya fi yawa kuma kowa ya gaji.

Mafi muni shi ne idan tambayar ba "nawa" ba ce, "wanne ya riga" ce. A ce an yi ciniki da ƙarfe 14:10 a littafin gida, sannan bayan minti 15 aka mayar wa mai kati kuɗinsa saboda na'ura ta cire sau biyu. Littafin kamfani zai rubuta mayarwar a 13:25. Wanda ya haɗa littattafan ya jera su bisa lokaci zai ga an mayar da kuɗi minti 45 kafin a yi cinikin. Mai bincike da ya ga haka yana da hujjar zargi, kuma hujjar tana da lambobi. Juya rana da wata yana jefa ciniki can wani watan inda kowa zai ce "wannan ba daidai ba ne". Awa ɗaya tana barinsa a ranarsa, ta sauya masa matsayi a jerin abubuwan da suka faru, kuma jerin nan shi ake kafa hukunci a kai.

Yaya ake gane shi? Ba ta jimilla ba. A bar lokaci gefe, a haɗa littattafan biyu ta lambar shaidar ciniki, wadda ke kan risit kuma take cikin fayil ɗin kamfani. Sannan a buɗe sabon layi a cire lokacin wannan daga na wancan. Idan bambancin daƙiƙu ne ko 'yan mintuna marasa tsari, jinkirin sadarwa ne ko agogon wata na'ura ya zame. Idan minti 60 ne cif a kowane layi, ƙari ko ragin 'yan daƙiƙu, bambancin agogo ne. Idan sifili ne a wasu layuka, a wasu kuma kusan kwana 30 ko kusan 60 ko kusan 90, kuma duk masu bambancin ranarsu ba ta wuce 12 ba, an juya rana da wata. Layi ɗaya na ragi yana rarrabe cututtukan uku.

Akwai siffa ta huɗu, kuma ita ce ta sa na fi tsoron agogo. Bambancin yana iya zama minti 60 daga Janairu har zuwa 30 ga Maris 2024, sannan daga 31 ga Maris ya koma sifili. Wannan alama ce cewa ɗaya littafin ba UTC yake bi ba, agogon Landan yake bi. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Wata bakwai ke nan Kano da Landan suna kan lokaci ɗaya, wata biyar kuma Kano tana gaba. Idan aka haɗa tsarin biyu a watan Yuni aka gwada, komai zai yi daidai, kowa ya sa hannu. Sai ƙarshen Oktoba abin ya fashe ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wanda kuma ya gano matsalar a Janairu ya "gyara" ta da ƙara awa ɗaya, `=A2+1/24`, ya dasa sabon kuskure ne da zai tsiro a ƙarshen Maris. Da New York ma haka ne: tazarar awa 6 ce a hunturunsu, awa 5 a bazararsu, kuma su suna sauyawa ne a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, ba ranar da Turai ke yi ba.

Mu da agogonmu ba ya motsi duk shekara, wannan ne ke sa mu sakaci. Mai shirya manhaja a Kano ko Yamai bai taɓa ganin dare mai ƙarfe 1 sau biyu ba, don haka ba ya kawo shi a rai. Amma a Landan, daren 27 ga Oktoba 2024, da agogo ya kai ƙarfe 2 sai aka mayar da shi ƙarfe 1. Lokacin `01:30` ya faru sau biyu a daren: na farko daidai da 01:30 a Kano, na biyu daidai da 02:30. Idan littafi ya rubuta `2024-10-27 01:30` bai ƙara komai ba, babu wata dabara da za ta fitar da amsa daga wannan layi shi kaɗai. Bayanin bai ɓuya ba, ba a taɓa rubuta shi ba ne. Wannan shi ne bambanci na biyu, kuma a wurina shi ya yanke hukunci: kwanan watan da aka juya ana iya juyo shi, domin lambobin duka suna nan, lokacin da aka rubuta ba tare da agogonsa ba, wani sa'in ya tafi ke nan.

Maganin cututtukan biyu ya haɗu a tsari ɗaya, ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana, sannan lokaci, sannan tazara daga UTC. Cinikinmu na farko zai zama `2024-03-01T00:20:00+01:00`, ko kuma `2024-02-29T23:20:00Z`, inda `Z` ke nufin UTC. Amma mutane kan ɗauki rabin maganin su bar rabi. Suna jin daɗin `2024-03-01` domin ya kawar da rikicin rana da wata, sai su yar da wutsiyar `+01:00` domin tana ɓata kyan layi. Sun warke daga ciwon da ke da sauƙi, sun riƙe mai wuyar. Kuma ko da wutsiyar tana nan, jerawa harafi bayan harafi ba ta aiki sai idan tazarar kowane layi ɗaya ce. A rubuce `2024-03-01T00:20:00+01:00` ya fi `2024-02-29T23:40:00Z` girma, alhali a zahiri shi ya riga faruwa da minti 20. Dole a mayar da duka kan agogo ɗaya kafin a kwatanta.

Ga yadda ake yi da Python, kuma matakan biyu sun yi daidai da cututtukan biyu:

```python
from datetime import datetime
from zoneinfo import ZoneInfo

t = datetime.strptime("01/03/2024 00:20", "%d/%m/%Y %H:%M")
t = t.replace(tzinfo=ZoneInfo("Africa/Lagos"))
print(t.astimezone(ZoneInfo("UTC")).isoformat())
# 2024-02-29T23:20:00+00:00
```

Layin `strptime` yana faɗin tsarin rubutu ƙarara, ba a bar wa manhaja ta yi hasashe ba. Layin `replace` ba ya motsa lokaci, yana liƙa masa sunan agogon da aka rubuta shi da shi ne. Sai `astimezone` ya yi juyin. Wanda ya tsallake `replace` ya tafi kai tsaye ga `astimezone`, Python zai ɗauka lokacin na agogon kwamfutar da ake aiki a kanta ne, sai amsa ta yi daidai a teburinsa a Kano, ta kuskure a uwar garken da ke kan UTC. Lura kuma cewa sunan yanki aka bayar, `Africa/Lagos`, ba lamba ba. Ga Najeriya ta yau duk ɗaya ne, amma ga `Europe/London` sunan ne kaɗai ya san ranakun sauyi. Ƙasashe ma suna sauya ra'ayi: Sudan ta koma UTC+2 daga UTC+3 a ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka wanda ke juya tsofaffin bayanan Khartoum da lamba ɗaya tak zai kuskure a gefe ɗaya na wannan rana. Maroko kuwa ta shafe shekaru tana kan UTC+1 amma tana komawa UTC a lokacin azumi, abin da babu wata ƙayyadaddiyar lamba da za ta iya riƙewa.

Kada kuma a ɗauka mayar da komai UTC ya gama magana. UTC na kwatanta aukuwa da aukuwa ne. Ranar ciniki kuwa ta mutanen da ke wurin ce. Idan manajan gidan mai ya nemi jimillar 1 ga Maris, abin da za a tambayi littafin kamfani shi ne daga `2024-02-29T23:00:00Z` zuwa gab da `2024-03-01T23:00:00Z`, ba duk layin da ya fara da `2024-03-01` ba. Akwai kuma kwanan watan da ba shi da lokaci tun asali, kamar ranar haihuwa ko ranar ƙarewar magani. Idan manhaja ta liƙa masa sha biyun dare agogon Kano, sannan ta juya shi UTC, wanda aka haifa 10 ga Mayu zai koma 9 ga Mayu da ƙarfe 11 na dare, sai wani tsarin da ke tantance bayanai ya ce ranakun haihuwar ba su dace ba. A nan bambancin agogo ya sa rigar kuskuren kwanan wata, kuma alamarsa ita ce kullum kwana ɗaya ne, kullum kuma baya yake ja ga ƙasashen da ke gabashin UTC. Irin wannan bayani a bar shi kwanan wata zalla, kada a juya shi ko'ina.

Ga akantan da ba shi da iko a kan yadda aka gina manhajojin biyu, abin da ke hannunsa tambaya ce ga duk wanda ke turo masa fayil: wane agogo ne a layin lokaci, kuma yana sauyawa cikin shekara? Sau da yawa wanda aka tambaya zai amsa da "GMT", yana nufin agogon Landan, wanda GMT ne wata biyar kawai. Don haka kada a tsaya ga amsar baki. A ɗauki risit biyu da aka san lokacinsu a agogon gida, ɗaya na Janairu ɗaya na Yuli, a nemo lambobinsu a fayil ɗin, a yi ragi. Idan duka biyun suka ba da minti 60, UTC ne. Idan na Janairu ya ba da 60, na Yuli ya ba da sifili, agogon Landan ne, kuma lissafin kowane wata daga Nuwamba zuwa Maris yana bukatar a sake yanka ranakunsa.